Yadda ake kai ƙorafin kayan da ba su iso ba gaban daraktan kamfani, tare da yanka masa wa'adi

Tambayar da 'yan kasuwa suka fi yi mini a kan wannan batu kusan iri ɗaya ce kullum. Mutum ya biya kuɗin kaya, kayan ba su zo ba ko sun zo ba su cika ba, ya kira wakilin kamfanin har ya gaji, kullum amsar ita ce mota na hanya ko a ƙara haƙuri zuwa jibi. Sai ya ce yana so ya kai maganar sama, amma bai san ta inda zai fara ba. Ga yadda ake yi, mataki bayan mataki.

Don kada bayanin ya tsaya a iska, zan bi misali guda har ƙarshe. A ɗauka kai dila ne a Kasuwar Singa a Kano. Ranar Litinin 27 ga Janairu 2025 ka tura wa wani kamfani a Legas naira 9,000,000, kuɗin katan 500 na taliya a kan naira 18,000 kowane katan, da sharaɗin su ne za su kawo maka har sito zuwa 3 ga Fabrairu. Mota ta iso ranar 5 ga Fabrairu da katan 320. Saura katan 180, wato kayan naira 3,240,000, ga azumi yana ƙaratowa a farkon Maris, kwastomominka na ƙauyuka sun fara tambaya. Farashin da na sa na misali ne kawai, lissafin ne abin lura.

1. Tabbatar haƙƙin yana wuyan kamfanin

Kafin ka rubuta ko kalma ɗaya, ɗauko inbois ko takardar yarjejeniya ka duba wa aka ɗora wa kawo kaya. Idan an rubuta cewa kamfanin zai sauke maka a sitonka, to duk abin da ya faru a hanya nasu ne. Idan kuwa kai ka turo direba, ko ka ce a ba wa wani kamfanin sufuri da ka zaɓa, magana ta canza. A dokar saye da sayarwa da kotunan Najeriya ke aiki da ita, miƙa kaya ga mai sufuri domin ya kai wa mai saye ana fara ɗaukarsa tamkar an miƙa wa mai sayen ne, sai in yarjejeniya ta nuna akasin haka. A irin wannan hali, idan kamfanin ya fito da takardar da ke nuna an loda katan 500 direbanka ya sa hannu, rigimarka da mai mota ce, daraktan Legas ba shi da abin da zai yi maka.

Duba kuma asusun da ka tura wa kuɗin. Idan sunan kamfanin ne ya fito a rasit ɗin banki, ka tsaya a kan ƙafarka. Idan asusun wakilinsu ne na ƙashin kansa, akwai aiki a gabanka, domin abu na farko da kamfanin zai ce shi ne kuɗinka bai shigo musu ba. Wannan bai hana ka rubuta wa darakta ba, hasali ma ya ƙara wajabta rubutawa da wuri, amma sai ka haɗa da duk saƙon da ke nuna cewa ma'aikacinsu ne ya ba ka wannan lambar asusu da sunan aikinsu.

Gargaɗi: duba abin da yaronka ya rubuta a kan webil ranar da aka sauke kaya. Idan ya sa hannu kawai a takardar da ke ɗauke da katan 500 ba tare da ya rubuta cewa 320 ya karɓa ba, takarda tana cewa an cika maka kaya. Ana iya gyara wannan, amma sai da hujja: hoton kayan a mota, saƙon da ka tura wa wakilin a ranar, lissafin 'yan dako da aka biya a kan katan 320, ko shaidar direban. Daga yau ka kafa wa yaranka doka cewa ba a sa hannu sai an ƙirga, kuma in akwai giɓi a rubuta shi da biro a jikin webil ɗin, direba ya sa hannu a gefe.

2. Gama da na ƙasa tukuna

Darakta yana karɓar takarda sai ya tambayi abu ɗaya: manajan ciniki ya san da wannan? Idan amsar ita ce a'a, takardarka za ta gangaro teburin wakilin nan da kake kuka da shi, kuma yanzu ya ƙullace ka. Saboda haka ka bi tsani. Wakili da farko, sannan manajan ciniki ko shugaban sashen fitar da kaya, kowanne a rubuce.

Ba a daɗewa a nan. A misalinmu wakilin ya yi alkawarin 7 ga Fabrairu ya saɓa, ya sake cewa 12 ga wata ya saɓa. A ranar 12 ɗin ka tura wa manajan ciniki imel, ya kira ka a waya ya ce Juma'a 14 ga wata mota za ta tashi, ba ta tashi ba. Alkawari uku daga mutum biyu ya isa. A ra'ayina wanda ya jira na huɗu da na biyar ba haƙuri yake yi ba, koya musu yake yi cewa za a iya ajiye shi a ƙarshen layi a ba wa masu hayaniya.

Gargaɗi: duk alkawarin da aka yi maka a waya, mayar da shi rubutu nan take. Tura saƙo ka ce, kamar yadda muka yi magana yanzu, ka ce katan 180 za su tashi Juma'a 14 ga wata. Ko bai amsa ba, saƙon yana nan da ranarsa da lokacinsa.

3. Haɗa takardunka

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tara inbois, rasit ɗin banki ko shafin sitatimen da ke nuna fitar kuɗin, webil na kayan da suka iso, da hotunan saƙonnin da aka yi alkawari a ciki. Yi kofi na kowanne, ka sa musu lamba 1, 2, 3 da biro a saman shafi, domin a cikin takardar za ka riƙa cewa duba lamba kaza. Na asali su zauna a wurinka, kofi kaɗai ke tafiya. Kada ka goge hirar da ke wayarka ko ka sayar da wayar, domin idan magana ta kai kotu ana karɓar saƙonnin waya a matsayin shaida ƙarƙashin sashe na 84 na dokar shaida ta 2011, kuma za a so a san na'urar da suka fito daga ciki.

Sai ka rubuta tarihin abin a layi biyar ko shida, kowane layi da ranarsa. Wannan ɗan jadawali shi ne ƙashin bayan takardar.

4. Gano wanda za ka rubuta wa

Mutane da yawa suna ɓata kwanaki suna roƙon wakili ya ba su lambar oga. Ba zai bayar ba, kuma ba ka buƙatarsa. Fara da duba ƙasan takardar kamfanin mai ɗauke da tambarinsu, domin dokar kamfanoni ta 2020 ta buƙaci kamfani ya sa sunayen daraktocinsa a takardun kasuwancinsa, kuma da yawa suna jera su a can ƙasa da ƙananan haruffa. Idan babu, shiga shafin hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, ka nemi sashen `Public Search`, ka rubuta sunan kamfanin. Binciken kyauta ne, kuma zai nuna maka cikakken sunan da aka yi rajista da shi da lambarsa. Lambar da ta fara da `RC` ta kamfani ce, wadda ta fara da `BN` kuwa sunan kasuwanci ne kawai, wanda mai shi ke ɗauke da nauyinsa kai tsaye. Idan kana son cikakken bayani na daraktoci da adireshin ofishin rajista, lauya ko wakilin da hukumar ta amince da shi zai iya ciro maka a kan kuɗi kaɗan.

Manajan darakta kake nema, wanda ke zaune a ofis yana tafiyar da harka kullum. A cikin daraktoci akwai waɗanda sunansu ne kawai a takarda, matar mai kamfani ko ƙaninsa da ke ƙasar waje, rubuta musu ɓata takarda ne. In ba ka samu suna ba, rubuta muƙamin kawai da cikakken sunan kamfanin, takardar za ta isa.

Gargaɗi: kamfanin ne ke riƙe da kuɗinka, ba daraktan a karan kansa ba. A idon doka kamfani mutum ne daban da masu shi. Kada ka rubuta cewa kai ka ci mini kuɗi, kuma kada ka kai takarda gidansa ko ka tare shi a masallaci ko wurin biki. Kana rubuta masa ne domin shi ke da ikon cewa a loda mota yau ko a sa hannu a mayar da kuɗi.

5. Yanke wa'adin

Nan ne yawancin takardu ke mutuwa, don haka zan ɗan zauna a kai.

Kalmomi irin su cikin gaggawa, da wuri, nan ba da jimawa ba, duk ba wa'adi ba ne. Ko cewa cikin kwana bakwai ma yana da rami: daga yaushe ake ƙirgawa, ranar da ka rubuta ko ranar da suka karɓa, kuma da Asabar da Lahadi a ciki ko babu? Wa'adi na gaskiya yana da sunan rana, kwanan wata, ƙarfe nawa, wuri, da abin da za a gani a wurin. Katan 180 a sauke su a sitona na Singa kafin ƙarfe 4 na yamma ranar Laraba 26 ga Fabrairu. Wannan ba ya karɓar fassara biyu.

Lura da kalmar saukewa. Idan ka ce a turo kaya kafin ranar kaza, za su loda mota a ranar ƙarshe su aiko maka hoto, su ce sun cika sharaɗi, motar kuma ta kwana huɗu a gareji tana jiran wani lodin. Abin da kake biɗa shi ne kaya a ƙasa a wurinka.

Yadda ake fitar da ranar kuwa lissafi ne, ba fushi ba. Fara da ranar da takarda za ta shiga hannunsu, a misalinmu Talata 18 ga wata. Ba su kwana biyu na aiki su duba takardunsu su nemo mota su yi lodi, ya kai Alhamis 20 ko safiyar Juma'a. Tsakanin Legas da Kano tafiyar kusan kilomita dubu ce, babbar mota mai kaya kuma takan ci kwana uku ko huɗu idan aka haɗa da shingaye da hutun direba. Wannan ya kawo mu Litinin 24 ko Talata 25. Ƙara kwana ɗaya saboda faci ko lalacewar mota, ka sauka a kan Laraba 26. Ka ga wa'adin ya fito kwana takwas, kuma kowane yini a cikinsa kana iya faɗin dalilinsa.

Abin da ya sa nake nacewa a kan wannan lissafi dalili biyu ne. Na farko, wa'adin da ba zai yiwu ba, kamar ka ce a kawo daga Legas cikin awa 24, yana nuna wa darakta cewa barazana ce kawai, sai ya ajiye takardar. Na biyu ya shafi doka. Tun da ranar 3 ga Fabrairu ta wuce ka ci gaba da karɓar sababbin alkawura, ana iya cewa ka yafe waccan ranar da kanka. Hanyar da ake dawo da ƙarfin lokaci ita ce a ba da sanarwa a rubuce da sabon wa'adi mai ma'ana, a kuma bayyana cewa bayansa ba za a karɓi kayan ba. Idan wa'adin ya yi gajarta fiye da hankali, wannan kariya tana raunana.

Ina kuma ba da shawarar a sa ƙaramin wa'adi a tsakiya. Ka nemi su aiko maka da lambar mota, sunan direba da lambar webil kafin ƙarfe 4 na ranar Juma'a 21 ga wata. Amfaninsa shi ne ba sai ka jira 26 ba kafin ka san inda aka dosa. Idan Juma'a ta wuce babu lambar mota, ka san kayan ba za su iso ba, sai ka fara tambayar farashi a wani wuri tun kafin azumi ya ɗaga kasuwa.

Gargaɗi: duba kalanda. Kada wa'adinka ya faɗa ranar hutun gwamnati, ko Lahadi, ko lokacin sallar Juma'a da sitonka ke rufe. In mota ta iso ta tarar da kwaɗo a ƙofa, kai ne ka saɓa.

6. Zaɓi abin da zai biyo baya idan wa'adi ya wuce

Wa'adin da babu komai a bayansa roƙo ne. Amma abin da za ka ambata dole ya zama wanda kake da ikon yi kuma ka shirya yi. A misalinmu abu uku ne a hannunka: ka soke cinikin ragowar katan 180, ka nemi a dawo da naira 3,240,000 zuwa wata rana, ka sayi kayan a wani wuri ka nemi bambancin farashi. Idan katan ya koma naira 19,500 a kasuwa, bambancin 1,500 ne sau 180, wato naira 270,000. Wannan shi ne ma'aunin da doka ta saba bi idan mai sayarwa ya kasa kawo kaya: tazarar da ke tsakanin farashin da aka yi ciniki da farashin kasuwa. Ribar da kake hasashen da ka ci a azumi tana da wuyar tabbatarwa, cusa ta a takarda yana sa lissafinka ya yi kama da ƙari.

Ka yanke shawara tun yanzu: kaya kake so ko kuɗi? Kada ka bar musu zaɓi a buɗe har abada. Kaya har zuwa 26 ga wata, bayan nan kuɗi.

Gargaɗi: kada ka yi barazana da 'yan sanda ko EFCC a kan jinkirin kaya. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniyar ciniki kawai, kuma lauyan kamfanin ya san haka. Sai in akwai alamar damfara ta gaske, kamar kamfanin bogi ko ma'aikacin da ya karɓi kuɗi ya ɓace, wannan wani babi ne. Haka nan barazanar tona musu asiri a soshiyal midiya tana iya juyewa ta zama ƙarar ɓata suna a kanka. Wani abin da 'yan kasuwa ba su cika sani ba: hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC an kafa ta ne domin mai sayen kaya don amfanin kansa, ma'anar da dokarta ta 2018 ta bayar ba ta haɗa da wanda ya saya domin ya sayar ba. Dila da ya ambace ta a takarda yana nuna bai san inda zai je ba.

7. Rubuta takardar

Shafi ɗaya. Darakta zai ba ta minti biyu, don haka sakin layi na farko ya faɗi kuɗi, giɓi da wa'adi. Na rubuta samfurin da Hausa, idan wanda za a kai wa ba ya ji, a sa wanda ya iya ya mayar da ita Turanci, amma kai da kanka ka bi lambobi da ranaku ɗaya bayan ɗaya bayan an fassara.

> 17 ga Fabrairu 2025
>
> Zuwa ga Manajan Darakta
>
> Ragowar katan 180 na taliya da aka biya ba a kawo ba: wa'adi zuwa Laraba 26 ga Fabrairu 2025
>
> Ranka ya daɗe,
>
> Bayan gaisuwa. Na biya kamfaninku naira 9,000,000 ranar 27 ga Janairu domin katan 500 na taliya, a sauke a sitona da ke Kasuwar Singa, Kano, zuwa 3 ga Fabrairu (takarda ta 1 da ta 2). Katan 320 ne suka iso ranar 5 ga Fabrairu (takarda ta 3). Saura katan 180 na naira 3,240,000.
>
> Wakilinku ya yi alkawarin 7 ga wata, sannan 12 ga wata. Manajan ciniki ya yi alkawarin 14 ga wata (takarda ta 4 zuwa ta 6). Babu wanda ya cika, shi ya sa na kawo maganar gabanka.
>
> Ina neman a aiko mini da lambar mota, sunan direba da lambar webil kafin ƙarfe 4 na yamma ranar Juma'a 21 ga Fabrairu, kuma a sauke katan 180 a sitona kafin ƙarfe 4 na yamma ranar Laraba 26 ga Fabrairu. Wannan wa'adi sharaɗi ne a cikin cinikinmu.
>
> Idan ya wuce, ba zan karɓi ragowar kayan ba. Zan nemi a dawo da naira 3,240,000 cikin asusun da kuɗin ya fito zuwa Juma'a 28 ga Fabrairu, zan sayi kayan a wani wuri, in nemi bambancin farashin daga gare ku, ta hanyar kotu idan ta kama.
>
> Mun yi shekara uku muna hulɗa, ina fata a warware wannan a teburinka.
>
> Na gode.

Sai sunanka, sa hannu, sunan shagonka da lambar waya ɗaya da kake ɗauka. Ka lura ban zagi wakilin ba, ban ce maƙaryaci ne ba. Ranakun uku da aka jera sun faɗi abin da ya fi zagi. Kuma sau da yawa laifin ba nasa ba ne, kayan ne suka yi ƙaranci aka karkatar da naka ga babban dila, shi kuma aka bar shi da wayarka.

Gargaɗi: wasu suna kwafo takarda daga wani wuri mai ɗauke da kalmomin `Without Prejudice` a samanta. Cire su. Ana sa su ne a takardar neman sulhu, kuma suna iya hana ka gabatar da takardar a kotu, alhali wannan takarda so kake alƙali ya gan ta in ta kai ga haka.

8. Aika ta yadda ba za a musa ba

Buga kofi biyu. Idan kana da mutum a garin, ya kai ofishinsu da hannu, sakatare ko mai karɓar baƙi ya buga hatimi a kofinka, ya rubuta sunansa, rana da lokaci. Idan babu, ba wa kamfanin aika saƙo mai ba da lambar bibiya da shaidar wanda ya karɓa. Kuɗin duka, da bugawa da kofi da aikawa, 'yan dubbai ne, ba a haɗa shi da miliyan uku da ke maƙale. Kada ka ba direban kamfanin ko wakilin ya kai maka.

A ranar kuma ka tura hoton takardar ta imel, ka sa manajan ciniki a kofi. Sanar da wakilin ma da bakinka cewa ka rubuta wa darakta. Gobe da shi za ka ci gaba da aiki, gara ya ji daga gare ka.

Idan takardar ta makara a hanya ta isa Alhamis maimakon Talata, lissafinka na mataki na 5 ya rushe. Tura gajeren saƙo ka matsar da ranakun da kwana biyu da kanka.

9. Tsakanin aikawa da wa'adi

Kira ɗaya washegari zuwa ofishin darakta domin tabbatar da cewa ta kai teburinsa, shi ke nan. Kiran safe da yamma yana mayar da kai mai roƙo.

Abin da ya fi faruwa shi ne a kira ka da murya mai daɗi a ce Alhaji a ƙara mana mako guda. Kana iya ƙarawa, amma sau ɗaya, a rubuce, da sabuwar rana, kuma a madadin wani abu da za ka gani da ido: lambar motar da aka riga aka loda, ko a dawo da rabin kuɗin yau. Idan sun ce za su kawo katan 100 yanzu, karɓa idan kana buƙata, ka rubuta a webil cewa saura 80 kuma wa'adin yana nan. Idan sun ce za a ajiye maka kuɗin a matsayin na oda ta gaba, ka sani an mayar da kai mai ba su bashi ba da yardarka ba. Kada ka amince sai in da ma kana da niyyar sake saye kuma an rubuta farashi da rana.

Gargaɗi: idan wani dattijo ko shugaban kasuwa ya shiga tsakani, girmama shi, sau da yawa ma ta nan ake warwarewa. Sai dai ka roƙe shi abin da aka amince a rubuta shi da rana, kowa ya sa hannu.

10. Ranar wa'adi

Ka kasance a sito, ko wanda ka amince da shi, har ƙarfe huɗu. Idan kaya sun iso, ƙirga, duba kwanan lalacewa da katan da suka jiƙe ko suka fashe, sa hannu, sannan ka tura wa darakta layi biyu na godiya da tabbacin cewa magana ta ƙare.

Idan ba su iso ba, washegari da safe ka tura takarda ta biyu, gajeriya: wa'adin 26 ga Fabrairu ya wuce, na soke cinikin katan 180, ina jiran naira 3,240,000 zuwa 28 ga wata. Sayi kayanka a wani wuri a farashin kasuwa, ka karɓi rasit mai kwanan wata. Idan motarsu ta ɓullo bayan ka soke, kada yaranka su sauke ko katan ɗaya kafin ka yanke shawara, domin saukewa na iya zama karɓa.

Idan 28 ga wata ta wuce babu alat, ɗauki fayil ɗin ka kai wa lauya. Kano da Legas duka suna da kotun ƙananan basussuka, wadda aka fara da iyakar naira miliyan 5 kuma mutum na iya tsayawa da kansa, sannan jihohin biyu suna da zauren sulhu da ke ƙarƙashin babbar kotu ga wanda ke son a sasanta ba tare da an ɓata hulɗa ba. Kotun ƙananan basussukan tana da nata fom na neman biya da ake fara aikawa kafin a shigar da ƙara, magatakarda zai ba ka. Tambaya ta farko da za ka yi wa lauyan ita ce a wace jiha za a shigar, tunda kamfanin yana Legas kayan kuma a Kano aka yi za a sauke, sannan ka nuna masa bayan inbois ɗin, domin wasu kamfanoni suna rubuta nasu sharaɗin warware saɓani a can da ƙananan haruffa.